Haruffan Gwamna a Jikin Tsamiya

Ni ɗan kasuwa ne, bokona bai yi nisa ba. Da tallan gishiri da kananzir na fara, a kan keke, tsakanin Kazaure da Roni, har Allah ya hore mini babbar mota, daga baya ta zama biyu. Da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, sa'o'ina da yawa sun bar hatsi sun koma kwangila. Ni na tsaya a kan gero da dawa, don na san ko gwamnati ta yi arziki ko ta talauce, sai an ci tuwo.

Ƙarfin cinikina duk yana wani ƙauye arewa da Babura, dab da iyakar Nijar. Akwai wani dattijo a can, aminin mahaifina, ina ce masa Baffa. Ba shi da sarauta, amma in ya ce wa mutanen karkarar nan "ku auna masa," rumbuna sai su buɗe, har na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. In bai ce ba, ko ka zo da sikelin zinariya ba mai kallonka. Babu takarda tsakanina da su, bakin Baffa ne kawai. Yana da wani tari da ba ya rabuwa da shi. Kowa ya san ya samo shi ne lokacin babban yaƙin Turawa, sa'ad da aka riƙa ɗibar maza daga ƙauyuka ana kai su haƙar kuza a duwatsun Jos. Shi da ƙanensa aka ɗauka, shi kaɗai ya dawo. Bai taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Shekarar da aka samu damina mai kyau bayan farin nan da ya kashe dabbobi, hedimastan firamaren garinmu ya zo ya same ni a shago. Ajinmu ɗaya da shi kafin in gudu in kama talla. Iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu, yana so a haɗa wani taro na neman gudummawa. Ya ce za a kira shi ranar tuna zamanin Turawa. Malamai za su yi wasan kwaikwayo, wani ya sa hular kwano da gajeren wando ya fito a Joji, wato Baturen mulki. Za a baje tsofaffin kaya mutane su gani, anini mai huda da garmaho da sikelin awon gyaɗa. Abu biyu yake nema a wurina: in ɗauki nauyin buga fosta, in kuma ba da motocina su kwaso mutane daga ƙauyuka kyauta.

Na ce, "Malam, ni me zan samu?"

Ya ce, "Sunanka a ƙasan takarda, kowa ya gani."

Na ce to. Ɗan kasuwa ba ya ƙin a ga sunansa.

A lokacin babu maɗaba'a a wajenmu, sai Kano. Muka tafi Sabon Gari wurin wani tsoho Bayarabe, haifaffen Kano, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shagon duhu, sai warin tawada da kananzir. Bango ɗaya duk durowoyi ne masu faɗi marasa zurfi, kowace an raba ta gida-gida, kowane harafi da gidansa. Ƙananan haruffa na dalma ne, manyan da ake buga fosta da su na katako. A juye ake jera su cikin wani firam na ƙarfe, a matse su su yi kyam, a shafa tawada da abin mirginawa, sannan a danna takarda.

Hedimasta ya ce yana son takardar da duk wanda ya kalle ta zai ji kamar an mai da shi zamanin Joji.

Tsohon ya ce, "Wane Jojin? Ai sun daɗe a nan, Malam. Harafi ma da tsararrakinsa, kamar ɗinkin riga."

Ya jawo durowa ta farko. Haruffa ne masu ado, da lanƙwasa da ƙayoyi da inuwa a gefe, kamar aikin zanen bangon gidan attajiri. Hedimasta ya ce ai ga shi nan, wannan tsufansa a fili yake.

"Ya yi tsufa da yawa," in ji tsohon. "Wannan na zamanin tsohuwar sarauniyarsu ne, tun kafin su iso ƙasar nan. Ko da suka zo mana, yayinsa ya fara wucewa, sai a jikin kwalbar magani. In ka sa wannan, ka aurar wa Joji kakarsa."

Ya jawo ta biyu. Waɗannan dogaye ne sirara, ba ƙafa ba ado, da'irarsu kamar an zana da bakin kofi, sandar tsakiyar harafi ko ta yi can sama ko ta yi can ƙasa. Ya ce Turawa na kiran salon nan deko, shi ne yayi tsakanin yaƙoƙinsu biyu. Shi ake gani a gwangwanin sigari da kwalin turare da ƙofar silima.

Hedimasta ya ce, "Lokacin ya yi daidai."

"Lokaci ya yi, amma ba wurin ba. Wannan na 'yan Ikko ne masu rawa da takalmi mai sheƙi. Joji bai taɓa yi wa talaka magana da wannan ba."

Ni ma na sa baki. Na ce wannan siririn abu, mai tafiya a kan jaki ma ba zai gan shi ba, balle wanda ke bayan mota.

Sai tsohon ya durƙusa ya jawo durowar ƙasa, da ƙyar ta fito. Ya hura ƙura. Haruffa ne baƙaƙe masu kauri, kowane ya tsaya a kan ƙafafu masu kusurwa kamar an ɗora shi a kan tubali. Katakon ya sha tawada har ya yi baƙi ƙirin, gefunan sun gaigaye. Ya ce su ma tsofaffi ne, a zamanin sarauniyar aka ƙirƙiro irinsu, amma gwamnati ba ta zubar da kaya, da su ta yi ta buga sanarwa har Turawa suka tafi. A gwanjon kayan wata tsohuwar maɗaba'ar hukuma ya saye su, bai kuma taɓa samun mai nemansu ba.

Ya jera layi ɗaya, ya shafa tawada, ya buga gwaji. Da ya ɗago takardar, nan take na gane ta. Ina yaro na ga irinta a ƙofar gidan hakimi. Hedimasta ya tafa hannu ya ce, "Wallahi shi ne! Har na ji kamar in cire hula."

Daga nan abu ya yi ta bin hanyarsa. Hedimasta yana son dogon take a sama, amma manyan haruffan ba za su isa ba. An yi su ne don Turanci, harafin A kaɗan ne a ciki, Hausa kuwa ba ta motsi sai da shi. Tsohon ya ce kalma ɗaya za ta samu a babban layi, sauran a sa da ƙanana. Aka sa SANARWA. Ya ce takardun wancan zamanin ba su da launi, baƙar tawada ce a kan takarda mai ruwan ƙasa, aka yi haka. Ya kewaye ta da layi biyu, mai kauri a waje, siriri a ciki. Ya lalubo wani ɗan hannu mai nuni da yatsa ya sa a gefen ranar taro. Ya lalubo hoton kambin sarautar Ingila, hedimasta ya ce a ɗora a sama. A ƙasa kuma aka sa sunana, da hoton babbar mota, don a san akwai mota kyauta.

Da muka zo fita, tsohon yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Alhaji, a birni za ku liƙa ta ko a ƙauye?"

Na ce, "Ko'ina, Baba."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da goge hannunsa.

Direbana ya zaga da takardun ranakun kasuwa, da bokitin sitaci. Roni, Gwiwa, Achilafiya, Kanya Babba, Babura, har ƙauyen Baffa, inda ya liƙa ɗaya a jikin tsamiyar da ke bakin masallaci. A cikin Kazaure an yaba. Ma'aikata suna tsayawa suna dariya, suna cewa hedimasta ya iya shiri.

Direban ne ya fara kawo mini wata magana. Ya ce, "Alhaji, takardun nan ba wanda ya taɓa su."

Na ce ai haka ake so.

"A'a. Ka san in an liƙa takarda a kasuwa, kafin yamma masu ƙosai sun yage ta sun ƙunshe kaya. Waɗannan suna nan yadda na sa su. Kuma ba a zama a ƙarƙashinsu. A Gwiwa mai gyaran keke ya bar inuwar bishiyar, ya koma rana."

Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Amma ranar kasuwar Roni na je da kaina, na nemi 'yan dako su sauke mini gishiri, sai tsofaffi na gani. Na tambayi wata mai fura da na saba saye a wurinta ina samarin suke. Ta ce sun je gona. Ta dama mini furar ba ta ɗago kai ba, alhali da sai ta tsokane ni a kan tumbina. Da na miƙe, na ji hirar da ake yi a rumfar kusa ta yanke, ba ta ci gaba ba sai da na yi nisa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a ƙauyukan nan mai karanta boko ɗaiɗai ne. Wanda bai iya karatu ba, ba kalma yake gani ba, fuskar takarda yake gani. Kuma wannan fuskar sun san ta. Ko wanda ya iya karatun, in ya ce musu wasa ne, sai a ce yaro ne, bai san yadda ake yi ba.

Washegari na kama hanyar Babura. Kaka ce, lokacin da ya kamata gonaki su cika da mutane. Tun daga nesa da ƙauyen na ga an kwantar da gero layi-layi, amma ba a yanke zangarniya an ɗaure dami ba. Tsuntsaye sun sauka a kai kamar an gayyace su. A gonar Baffa mata biyu na gani da wani tsoho, suna yi a hankali. Da suka ji ƙarar motata, matan suka ajiye aikin suka shige cikin kara.

Na tarar da Baffa a zaure. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Tun ina yaro "ɗan nan" yake ce mini. Ko da na dawo daga Makka bai canza ba, sai yau.

Na tambaye shi ina 'ya'yansa maza biyu, magidanta ne masu iyali. Ya ce sun je ganin dangi a tsallake. Na ce a tsakiyar girbi? Ya yi tari mai tsawo, ya tofa a kaskon yashi, sannan ya ce, "Mutum nawa aka ce ka kawo?"

"Baffa, wa ya ce in kawo wa?"

"Kada ka yi mini haka. In an matsa maka ne, faɗa mini. Dagacinmu ma a lokacin kuka yake yi yana nuna gidaje."

Na rantse masa. Na ce wasan kwaikwayo ne na malaman makaranta, don a rufe azuzuwa. Na ce ya zo mu je jikin tsamiyar in karanta masa kalma-kalma. Ya ɗauki sandarsa muka fita. Bai matsa kusa ba, ya tsaya daga bakin masallaci. Na sa yatsa ina karantawa da ƙarfi, don na ga mutane suna leƙe ta saman danga. Da na gama ya ce, "Waccan ma an karanta mana ita. Malamin hakimi ne ya karanta. Aka ce 'yan watanni ne, da abinci da bargo da lada. Daɗinta ya fi na wannan."

"Baffa, Turawa sun tafi. Ƙasar tamu ce yanzu."

"Lokacin yaƙin basasa ai sun riga sun tafi, amma an zo neman samari." Ya nuna da sandar. "Ga hular sarkinsu a sama. Ga yatsa. Ga mota a ƙasa. A ƙofar sansaninmu a can dutse akwai irinta, kullum da safe ita muke fara gani, baƙaƙe masu ƙafar nan. Ban san abin da suke cewa ba, amma ko cikin barci na san su."

Na ce da gangan aka yi ta haka, don ta yi kama da na da. Na ba shi labarin tsohon Sabon Gari da durowarsa ta ƙasa. Ina tsammanin wannan zai kwantar masa da rai. Sai ya juyo ya dube ni.

"Wato ba hukuma ce ta ba ka ba."

"A'a, Baffa."

"Kai ka je ka nemo su."

"Ni da hedimasta."

"Don a yi dariya."

Na sa hannu zan yage takardar, ya ce in bari, kada a ce mutanen garinsu ne suka yaga.

Na dawo Kazaure na wuce kai tsaye gidan hedimasta. Da farko dariya ya yi, ya ce wannan ai shaida ce aikin ya yi kyau. Da na ce masa gero na kwance gara na ci, ya daina. Amma ya ce shi bai yi ƙarya ba, haka takardun zamanin suke, kuma don mutane su san abin da ya wuce aka shirya taron. Na ce waɗanda kake so ka sanar sun fi ka sani. Muka ɗan ɗaga murya, matarsa ta aiko da ruwa.

Na koma Kano ni kaɗai. Tsohon bai yi mamaki ba. Ya ce, "Kun ce na zamanin Joji, na ba ku na zamanin Joji. Da kun ce na wasa ne a ƙauye, da na ba ku wani." Na ce ya sake bugawa da siraran nan na gwangwanin sigari, da jan tawada, ba kambi, ba yatsa. Ya yi, ta fito kyakkyawa, kamar tallan silima. Direbana ya sake zagawa ya liƙa sababbin a kan tsofaffin.

Abin bai gyaru ba. Sitacin ya jiƙa sabuwar takardar, baƙaƙen haruffan na ƙasa suka riƙa nunawa ta cikinta, kuma ko bayan ta bushe ana ganin inuwarsu. Mutane suka ce an ga sun gane, shi ya sa aka rufe. Na roƙi hakimi ya sa a yi shela a kasuwanni cewa wasa ne, ba wanda za a taɓa. Ya taimaka, aka yi. Sai aka ce ai wancan karon ma da shela aka fara. Duk abin da na ɗauko don kashe wutar, sai ya zama an taɓa ganin irinsa.

Ranar taro motocina suka fita tun da hantsi, ɗaya ta yi Roni da Gwiwa, ɗaya ta yi Babura. Ina tsaye a bakin filin makaranta ina jira. Ta farko ta dawo da wasu malaman makaranta da iyalansu. Ta biyu ta dawo ba kowa a baya. Direban ya ce da ya shiga ƙauyen Baffa ya danna ham, ko kaza bai gani ba, an rufe kowace ƙofa. Mutum ɗaya ne a waje, Baffa, yana zaune a ƙofar gidansa da 'yar jakar tafiya da buta a gefensa. Ya ce wa direban in lallai sai an cika adadi, ga shi, a bar yaran.

An yi wasan. 'Yan gari da ma'aikata sun cika fili, malamin da ya fito a Joji ya ba mutane dariya sosai, yana Hausa ta hanci yana korar ƙuda da bulala. An samu abin rufe azuzuwan. Ni na zauna a kujerar gaba, an kira sunana an tafa.

Da kwanaki suka wuce ba a ɗauki kowa ba, samari suka fara dawowa da ɗaiɗai. An tattara abin da tsuntsu da gara suka bari. Ba a yi asarar duka ba, don shekarar ta yi albarka, amma an yi asara. Na aika wa Baffa goro da turmin yadi ta hannun wani ɗan garinsu. Ya karɓa, ya ce a yi mini godiya.

Na bari sai da sanyi ya shigo, lokacin da na saba zuwa awo. Na ɗauki buhuna da sikeli da motocin biyu, kamar kowace shekara. Baffa ya tarbe ni da kyau. Aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka yanka zakara, babban ɗansa da kansa ya zuba mini ruwan wanke hannu. Muka yi hirar damina, da tsadar shanu, da darajar sefa a kasuwar iyaka. Daga inda nake zaune ina hango rumbunansa ta ƙofar zaure, an yi musu sabon jinka, an toshe bakinsu da laka. Magidantan gari suka zo suka gaishe ni suka zauna, kowa yana kallon bakin Baffa.

Bayan la'asar na ce, "Baffa, ko za a fara awon, kada dare ya yi mana a hanya?"

Ya ce, "Bana ba mu da na sayarwa."

Na ce, "Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Allah ya kai mu baɗi."

Na san ciniki, na san lokacin da ake ƙara tayi da lokacin da ake naɗe tabarma. Na yi godiyar abinci. Ya rako ni har bakin mota yana tari, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. A hanyar fita muka yi kiciɓis da motar wani ɗan kasuwa daga Daura tana shiga, buhuna a ɗaure a bayanta. Hanyar ba ta da faɗi, direbana ya sauka gefe ya ba shi wuri.

Baɗin na koma, aka sake yanka mini zakara. Shekara ta uku ban je ba. Na sayar da sikelin, na shiga sayar da siminti.